Jifa da cafewa a aji uku: littafin aikin zangon farko, Tawa

Asabar, 21 ga Satumba 2024

Gwamnati ta ɗage komawa lakwal daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata saboda ambaliyar bana. Idan na ƙirga daga ranar zuwa Juma'a 20 ga Disamba, mako 8 ke nan. A jadawalin makarantarmu wasannin motsa jiki na da Talata da Alhamis, minti 30 kowace rana, wato darasi 16 idan ba a rasa ko ɗaya ba, kuma za a rasa.

Darakta ya ce in shirya tsarin zango na aji uku yadda sauran malamai za su iya ɗauka su gyara wa azuzuwansu. Tsohon tsarin da ke cikin kabad jerin sunayen wasanni ne: makon farko gudu, na biyu tsalle, na uku tamaula, na huɗu ƙwallon hannu, haka har ƙarshe. Babu inda aka rubuta abin da yaro zai iya a ƙarshen mako wanda bai iya ba a farkonsa, kuma babu makon da ya dogara da na bayansa. Kana iya juya takardar ka faro daga ƙasa, babu abin da zai lalace.

Na yanke shawarar ɗaukar jigo ɗaya a wannan zango, jifa da cafewa, in bi shi daga tushe har ya zama wasa. Gudu da tsayuwa a ƙafa ɗaya za su shiga cikin ɗumama jiki ta hanyar langa, wadda yaran sun iya tun daga gida. Mako 8 ba zai ɗauki jigo uku ba.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Kafin in rubuta makonni sai da na yi lissafin kaya, domin shi ne zai faɗi abin da zai yiwu. Rajistar bara ta nuna yara 64 ne za su hau aji uku. Ƙwallayen makaranta 3 ne, ɗaya ma tana sacewa. Cikin minti 30, fita fili da jeruwa na cin 5, ɗumama jiki 5, wanke hannu da komawa aji 5. Saura minti 15 na aiki.

Idan aka yi layi uku, kowane layi yara 21 ko 22 da ƙwallo ɗaya, yaro ya jefa, a ɗauko, a miƙa wa na baya, abin ba ya kasa daƙiƙa 15. Jifa 4 ke nan a minti, 60 a minti 15, a raba wa yara 21. Kowane yaro bai cika jifa 3 ba a darasi. A duk zangon ba zai kai 50 ba, sauran lokacin yana tsaye cikin rana yana tsokanar na gabansa. Da wannan lissafi, ko wane irin tsari aka rubuta a takarda, hannun yaro ba zai canza ba.

Idan kuwa yara biyu na da ƙwallo ɗaya, kowa na iya jifa 5 a minti ba tare da gaggawa ba, minti 10 ya ba shi 50. Abin da zai samu a zango guda ya samu a darasi ɗaya. Saboda haka ƙwallo 32 nake bukata. Yau kasuwar Tawa ke ci, na sayo tsofaffin safa wajen masu gwanjo, wani tela a unguwarmu kuma ya tara mini buhun ƙyallaye. Ana zuba yashi kamar cokali uku cikin leda a ƙulle, a naɗe da ƙyalle har ya kai girman lemo, a cusa cikin safa a ɗinke bakin. Yashin ne ke ba ta nauyin da za ta yi nisa, ƙyallen kuma ya sa ko ta sami fuska ba ta jin ciwo. Ba ta gangarawa nesa idan ta faɗi, wannan ma riba ce, don ba a ɓata lokaci wajen bin ta.

Asabar, 19 ga Oktoba

Na gama zanen farko. Kowace ƙwarewa za ta bi hawa uku: yaro na yin ta a tsaye ba mai damunsa, sannan yana yin ta yana tafiya ko abokinsa na tafiya, sannan yana yin ta da wani a gabansa da ke son hana shi. Makon farko awo ne. Mako na 2 da na 3 jifa ta saman kafaɗa. Na 4 da na 5 cafewa. Na 6 haɗa su da tafiya. Na 7 wasa da abokin hamayya. Na 8 sake awo.

Na sa jifa gaba da cafewa da gangan. Mai jifa shi ke da iko da ƙwallo, shi ke zaɓen lokacin sakinta. Mai cafewa kuwa sai ya karanta saurinta da inda za ta sauka, ya kai hannu wurin a kan lokaci, shi ya sa cafewa ke jinkirin nuna a jikin yara. Ban da haka, idan abokinka bai iya jefo maka daidai ba, ba cafewa kake koyo ba, tsintar ƙwallo kake.

Ƙa'idoji biyu na rubuta da jan biro a saman takardar. Ta farko, abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda: ko tazara, ko girman ƙwallo, ko tafiya, ko abokin hamayya. Idan aka ƙara biyu tare kuma yara suka kasa, ba za a san wanne ya kayar da su ba. Ta biyu, ba kalanda ke cewa a wuce gaba ba. Sai kashi biyu cikin uku na yaran da na duba sun nuna alamar da ake nema, in ba haka ba a maimaita darasin. Na bar darasi biyu ba komai a cikinsu saboda wannan maimaicin.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Darasin Talata ya tafi wajen share fili. Bayan damina irin ta bana, ƙarangiya da tsaida sun rufe ko'ina, yara da yawa kuma da silifa suke zuwa, su tuɓe idan za su yi gudu. Mun share mita 30 a 20, muka ja iyaka da toka. Na shimfiɗa shi yadda layuka biyu za su fuskanci juna kudu da arewa, don kada wani ya kalli ranar safe yana jiran ƙwallo.

Yau aka yi awon jifa. Yara 57 suka zo. Kowa ya jefi katangar makaranta daga mita 8 da iya ƙarfinsa, ni kuma ƙafa kawai nake kallo, ba ruwana da inda ƙwallo ta sauka. Wanda ya jefa ƙafafunsa a kafe na ba shi 1. Wanda ya taka da ƙafar da ke gefen hannun jifa, 2. Wanda ya juya gefe ya taka da ɗayar ƙafar, ƙugu ya juya sannan hannu ya biyo, 3. Haka jifa ke girma a jikin yaro, kuma ƙafa ta fi hannu saurin ganewa daga nesa.

Masu 3 su 19 ne, 16 daga ciki maza. Masu 2 su 21, masu 1 su 17. Ban yi mamakin rabon ba. Yaron da ya tashi yana jifar tsuntsu a gonar gero da korar awaki ya yi jifa dubbai kafin ya shigo aji, ƴar'uwarsa ba ta samu wannan ba. Ba maganar ƙarfi ba ce, maganar yawan yi ce.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Ranar Talata na ce "ku taka da ƙafar hagu," sai yara huɗu bahagwai suka rikice, wasu da dama kuma ba su rabe dama da hagu da sauri. Yau kowa ya ɗaura ƙyalle a idon sawun ƙafar da za ta taka, bahago a dama, sauran a hagu. Umarnin ya koma kalma uku: juya, taka, jefa. Ana juya kafaɗar da ba ta jifa wajen katanga, a taka da ƙafa mai ƙyalle a ƙetare layin toka, a saki. Bahagwai na kai su ƙarshen layi don kada hannuwa su yi karo.

Wani abu ya fito da ban sa a takarda ba. Ƴan mata da yawa sun gane abin da ake so, amma zani ba ya barin taki ya yi tsawo, sai su ɗan ja ƙafa kamar taƙi ɗaya su tsaya. Takin jifa na gaske ya kan kai rabin tsawon yaro ko fiye. Na kai wa darakta maganar, shi kuma ya ce ba bakinmu ba ne, a bi ta ƙungiyar uwaye mata. Shugabarsu ta saurare ni har na gama, ta ce, "Mushe, in dai wando ne ƙarƙashin zane, wannan ba wuya. Amma hijabi ba mu taɓa shi." Na ce, "Inna, ban nemi a taɓa ba, a dai ɗaure shi ta baya kada ya riƙe hannu." Muka rabu a kan haka.

Talata, 12 ga Nuwamba

A zanen farko mako na 3 na jifa ne zuwa ga abin saiti, jarka a kan benci daga mita 4. Na gwada da rukuni ɗaya na minti biyar na janye shi. Da zarar an sa abu kusa an ce a same shi, yaran da suka fara taki mai kyau sai su koma fuskantar gaba, ƙafa a kafe, gwiwar hannu a gaban ƙirji, su tura ƙwallo a hankali. Ga mai son samun jarka daga mita 4 wannan dabara ce mai kyau, yaran ba su yi laifi ba. Aikin ne ke koyar da abin da ba a so.

Don haka na juya tsarin: ƙarfi tukuna, saiti daga baya. Mun koma katanga daga mita 8, masu 3 daga mita 12, kuma abin da ake nema shi ne ƙarar ƙwallo a jikin bulo. Saitin da za a sa ranar Alhamis babba ne, da'ira mai faɗin mita 2 da gawayi a katangar, daga nesa, yadda ba za a kai ba sai an sa dukan jiki. A takarda na rubuta wa malamin da zai ɗauka: idan ka ga taki ya ɓace, ƙara tazara, kada ka ƙara bayani.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Ba zai yiwu in duba yara 60 a kowane darasi ba. Ina ɗaukar 12, shida mata shida maza, daga masu 1 da 2, in bi su da ido a jifa biyar-biyar. Ranar Alhamis 9 cikin 12 sun taka da ƙafar da ta dace a jifa huɗu cikin biyar. An haye kashi biyu cikin uku, za mu shiga cafewa. Jifa ba za ta fita daga darasi ba, minti 3 na farkon aiki nata ne har ƙarshen zango, in ba haka ba takin zai zube.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

A cafewa rabon ya juye. Ƴan matan da ke carafke da duwatsu idonsu na bin abu a sama, yatsunsu a buɗe suke jira. Maza da yawa, har da gwanayen jifa, rungumar ƙwallo suke a ƙirji, wasu na kau da kai su rufe ido tana isowa. Nan ma hawa uku ne: mai miƙe hannuwa sandare yana jira ta faɗo masa, mai runguma da ƙirji, da mai tarbarta da tafin hannu ya janyo ta jikinsa.

Mun faro da kowa da kansa, a jefa sama kaɗan da kai a cafe, yara biyu na karɓa-karɓa da ƙwallo ɗaya. Daga nan biyu-biyu a tazarar mita 2, ana lilo da hannu daga ƙasa, ana nufin ƙirjin aboki. Wannan jifar ta ƙasa sai da na ware mata minti biyar ita kaɗai, domin yaran da suka yi mako biyu ana ce musu su jefa da ƙarfi sun zo da ƙarfin nan gaba ɗaya. Wani ya narka wa abokinsa a goshi, aka yi dariya, shi kuwa wanda aka sama bai sake buɗe ido ba har aka tashi. Yaro irin wannan ba a ce masa "daina tsoro". Na haɗa shi da yarinya mai sanyin hannu, na matso da su mita ɗaya da rabi, na ce ya faɗi launin safar da ke zuwa kafin ya kama. Dole ido ya buɗe.

Umarnin hannu biyu ne kawai. Idan ƙwallo ta zo sama da ƙirji, manyan yatsu su haɗu. Idan ta zo ƙasa da cibiya, ƙananan yatsu su haɗu.

Talata, 26 ga Nuwamba

Hunturu ya sauka da ƙura, da safe ba a ganin ƙarshen fili sosai. Yara biyu masu asma sun zauna cikin aji, sauran ma tari ya yi yawa, na tsayar da darasin bayan minti goma. Ɗaya cikin darussa biyu na ajiya ya tafi. Darakta ya yarda a riƙa fita bayan hutun safe a kwanakin sanyi, lokacin da yatsu suka saki. Yatsun da sanyi ya ƙage ba sa cafe komai, kuma fatar da ta tsage tana jini idan ƙwallo ta buga.

Asabar, 30 ga Nuwamba

An yi taron kaped, zaman ƙara wa juna sani na malaman yankinmu, na gabatar da tsarin. Wani malami da ya girme ni a aiki ya ce, "Yaran nan tamaula suka so, kai ko ka tsare su da jifar tsumma wata guda. Yaushe za su wasa?" Maganarsa na da gaskiya a ciki. Darasin da babu gasa ko kaɗan yana mutuwa a hannun ƴan shekara takwas da tara. Amsata ita ce gasar na nan, da kai ake yin ta: cafewa nawa ku biyu za ku jera ba ta faɗi ba, yau ku wuce na jiya. Amma na karɓi rabin shawararsa, minti 4 na ƙarshen kowane darasi za su zama wasa, muddin wasan na amfani da abin da aka koya a ranar.

Konseye, mai ba malamai shawara kan koyarwa, ya tambayi yadda tsarin zai hau sauran azuzuwa. Abin da muka tsayar shi ne jigon ba ya canzawa, wurin farawa ke canzawa. Aji ɗaya da biyu su tsaya a hawan farko, gangarawa da jifar ƙasa da cafe babbar ƙwallo. Aji uku da huɗu su kai hawa na biyu su leƙa na uku. Aji biyar da shida su faro daga hawa na uku, amma sai an yi musu awon makon farko, don akwai ɗan aji shida da har yanzu ƙafarsa a kafe take.

Alhamis, 5 ga Disamba

Cafewa ta ci darasin ajiya na biyu. Ranar Talata 7 cikin 12 ne suka kama da tafin hannu daga mita 3, bai kai ba, aka maimaita. Yau 9. Sai dai tafiya ta samu rabin lokacin da na ware mata: mai jifa a tsaye, mai karɓa ya yi taki uku gefe, ya ɗaga hannu, a jefa masa gabansa kaɗan. Kuskuren da ya fi yawa shi ne jefawa inda abokin yake, kafin ta isa ya wuce.

Talata, 10 ga Disamba

Wasan da na nufa tun farko shi ne miƙa goma: ƙungiya ta jera miƙawa 10 ba a tare ba. Na gwada biyar da biyar da rukuni ɗaya don in ga inda muke. Cikin daƙiƙa kaɗan yara shida sun dunƙule a kan mai ƙwallo kamar kaji a kan tsaba, babu miƙawar da ta wuce biyu, ƴan mata uku na gefe ba wanda ya ko dube su. Tsallen ya yi yawa. Daga babu mai tarewa zuwa masu tarewa biyar ba canji ɗaya ba ne.

Na raba filin gida 16, kowane gida mita 7 da rabi a 5, yara huɗu a ciki, uku da ɗaya. Mai ƙwallo ba ya tafiya, mai tarewa ba ya fizga daga hannu kuma ba ya matsowa ƙasa da taki ɗaya, miƙawa 5 maki ɗaya, bayan minti ɗaya in busa usur a canza na tsakiya. Da uku da ɗaya kullum akwai aboki guda a sake, aikin yaro shi ne ya gan shi. Abin da nake dubawa yanzu ba mai ƙwallo ba ne, wanda ba ya da ita ne: bayan ya miƙa, ya tsaya a bayan mai tarewa yana ihun "ni, ni," ko ya gusa inda za a gan shi? A yawancin gidajen tsayuwar suke. Na ƙara doka ɗaya, wanda ya miƙa sai ya koma wata kusurwa. Nan take wasan ya buɗe.

Alhamis, 12 ga Disamba

Gida shida da suka jera maki uku sun hau huɗu da biyu, aka sake raba musu gida shidan ya zama huɗu. Sauran sun ci gaba da uku da ɗaya. Biyar da biyar na goge shi daga wannan zango.

Alhamis, 19 ga Disamba

Jiya hutun 18 ga Disamba, yau yara 52 kawai suka zo, amma awon jifa an yi shi tun Talata da yara 59, a katanga ɗaya, tazara ɗaya, ba ƙyalle a ƙafa. Masu 3 sun zama 37, 15 daga ciki mata. Masu 2 su 16, masu 1 su 6. Biyar cikin shidan nan su ne waɗanda suka fi kowa fashi, na rubuta sunayensu don malamin da zai riƙe rukuninsu. Wani abin lura: cikin wasan uku da ɗaya, yara da dama masu 3 a katanga suna komawa 2 idan mai tarewa ya matso. Ƙwarewar ta zauna a natse, ba ta zauna a matse ba tukuna, saboda haka uku da ɗaya zai ci gaba a minti 4 na ƙarshen darasi a zango mai zuwa.

A takardar da zan miƙa wa darakta na mayar da jifa darasi 4, cafewa 5, tafiya 2, wasa 3, awo 2, tare da gargaɗin cewa a zango mai mako 8 babu sauran ajiya, duk darasin da ƙura ta ci daga wasa za a cire shi, ba daga cafewa ba.

Zango na biyu na gudu ne da tsayuwar jiki. Azumi zai kama wajen farkon Maris, zafi kuma na biye, don haka gudu mai tsawo dole ya shiga Janairu da Fabrairu. Lokacin kokowar takobi ne kuma, a garin da aka fara ta a 1975, duk hutun safe fili cike yake da masu kiran kansu da sunan gwanin kokowa Isaka Isaka. Zan yi amfani da wannan: langa a hawan farko, ture-ture da tafin hannu cikin da'ira a na biyu, kama ƙugu a kan yashi a na uku, bayan an koyi faɗuwa. Ana bukatar amalanke biyu na yashi mai laushi kafin a dawo, na rubuta wa kojes, kwamitin kula da makaranta, takardar neman su. Ƙwallaye 9 sun yage, suna wurin tela.